Dakare Ba Ya Komawa Baya

A wannan wata ba maganar makaranta na zo da ita ba, labarin wata 'yar kunya ce da na sha a gaban ɗalibaina, a kan allon wasan nan da Larabawa ke kira shaɗaranji, masu Faransanci kuma suke ce masa eshek. Mu dai a zaurenmu na unguwar Ridina, a nan Injamena, darar sarki muke ce masa. Na koye shi tun ina kwalejin horon malamai, yau fiye da shekara ashirin ke nan, har na ɗauka babu sauran abin da yaro zai nuna mini a cikinsa.

Ga wanda bai san wasan ba, allon yana da gida 64. Layukan tsaye ana kiransu da harufa daga a zuwa h, sahun kwance kuma da lamba daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da sunansa, kamar e4 ko d7. Kowane ɗan wasa yana da sarki da sarauniya da hasumiya biyu da giwa biyu da doki biyu, sai kuma dakaru takwas a gaba. Dakare shi ne mafi rauni. Yana tafiya gaba sak, amma a kaikaice yake ci, saboda haka ba ya iya taɓa abin da ya tsaya daidai gabansa. Kuma shi kaɗai ne ba ya komawa baya. Amma in ya kai sahun ƙarshe, sai a naɗa shi sarauniya. Dakaren da ba sauran dakaren abokin gaba a gabansa, ko a layinsa ko a layukan da ke dama da hagunsa, shi muke kira sakakken dakare. A kansa ake yawan yin nasara, a kansa kuma ake yawan yin nadama.

Ƙarshen zangon karatu ne, cikin zafin watan Mayu, muka shirya 'yar gasa tsakanin malamai da ɗalibai a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Kyautar sabon allo ne. A wasan ƙarshe na haɗu da wani yaro ɗan shekara 15, wanda ni da hannuna na koya masa yadda doki ke tsalle. Ya fi ni da rabin maki, don haka dole sai na ci shi, shi kuwa kunnen doki ya ishe shi. Bayan an daɗe ana fafatawa, abu uku kawai suka rage a kan allo. Ni ke da farare: sarkina yana d4, dakarena yana e3. Sarkinsa yana d7, shi kaɗai. Kuma ni ke da tafiya.

Na dubi hanya fetal, na ce wasa ya ƙare. Sai na tura dakare zuwa e4. Yaro bai ko ɗaga kai ba, ya kawo sarkinsa d6, ya fuskanci nawa da gida ɗaya a tsakani. Sarki ba ya kusantar sarki, ke nan ya rufe mini c5 da d5 da e5 gaba ɗaya. Da na rasa ta inda zan wuce, sai na ci gaba da tura dakare, e5, daga baya e6, shi kuma yana ja da baya a hankali, yana manne da gidan da ke gaban dakaren. Da muka kai inda sarkina yake e5, dakare e6, nasa sarkin e7, sai ya koma e8 sak, bai kauce dama ko hagu ba. Na shiga d6, ya fuskance ni a d8. Na tura e7, ya koma e8. Abin da ya rage mini shi ne in tsare dakarena daga e6, ko in bar shi ya cinye. Na tsare. Sai ga sarkinsa ba a kai masa hari ba, amma ba shi da gidan da zai taka. A dokar wasan wannan kunnen doki ne. Yara suka ɗauki sowa, yaro ya rungumi allonsa.

Da yamma na kai ƙara wurin wani dattijo maƙwabcina, tsohon tela, wanda muke shan shayi tare bayan La'asar. Na jera masa 'ya'yan yadda suke. Ya duba kaɗan ya ce, "Malam, kai da ka san karatu, wa ya taɓa sa yaro a gaba a hanyar da ba a share ba?" Na ce, "Baba, ai hanyar a share take." Ya ce, "A idonka. Sarki ke fara wucewa, dakare ya biyo."

Ya nuna mini. Da sarkina na kai d5, na bar dakare a e3, da na ci. In ya zo e7, sai in tsaya e5 in fuskance shi, dole ya kauce, a ce zuwa d7, ni kuma in kewaya ta f6. Yanzu ne dakare zai taso: e4, sannan e5, sarkinsa yana kai da kawo tsakanin e8 da f8. Sa'an nan in hau e6. Duk gefen da ya kauce, in bi ɗaya gefen. In ya je d8, in shiga f7. Daga f7 sarkina yana riƙe da e6 da e7 da e8, wato duk sauran matakan da suka rage, dakare sai ya wuce kamar ango. Sirrin shi ne, idan dakare yana sahu na biyu ko na uku ko na huɗu, akwai gida uku da ke sahu biyu a gabansa. Muddin sarkinka ya taka ɗaya daga ciki, ka ci, in dai ba dakaren gefen allo ba ne. Lokacin da dakarena yake e3, gidajen su ne d5 da e5 da f5, taki ɗaya ya rage in shiga. Da na tura shi e4, sai suka koma d6 da e6 da f6, inda yaro ya fi ni kusa. Da hannuna na ɗauke ƙofa na kai ta gidan abokin gaba. Sauri ya haifi nawa.

Daga ranar na daina tambayar kaina ko hanya a buɗe take. Abin da nake tambaya shi ne, gidan da ke gaban dakaren nan, na wane ne? In nawa ne, in tura. In na abokin gaba ne, in jira, in kawo mataimaka tukuna. In kuwa dakaren nasa ne, to aikina shi ne in zauna a wannan gidan tun da wuri. Wani gwani mai suna Aron Nimzowitsch, haifaffen birnin Riga, ya yi dogon bayani a kan haka a littattafansa biyu da suka fara fita a 1925, ɗaya a kan tarewa, ɗaya a kan tsarin wasansa duka. Ya nuna cewa gadin dakare daga nesa bai isa ba, sai an sa wani ya tsaya a gabansa.

To amma ba kowa ake sawa ba. Doki ya fi kowa dacewa. A ce farin dakare ya sake a d5, 'yan'uwansa biyu suna dafa masa a c4 da e4. Baƙin doki in ya zauna d6, dakaren ba ya iya cinsa, kuma ya zame masa garkuwa daga hasumiyar da ke bayansa a layin. Daga zaune ɗin nan kuma dokin yana kai hari c4 da e4, wato su masu dafawar. Sarauniya kuwa ba ta iya wannan gadi, domin tsadarta ta yi yawa: ko ƙaramin ɗa ya yi mata barazana sai ta tashi, hanya ta buɗe. Hasumiya tana iya tsayawa, amma ta zama fursuna, babban ma'aikaci ya ƙare a gadin ƙaramin yaro.

Manya ma sun ɗanɗana wannan. A gasar duniya da aka yi a Mosko a 1969, Boris Spassky ya kara da Tigran Petrosian, wanda duniya ta san shi da iya tsaro. A wasa na biyar Spassky ya samu sakakken dakare a layin d. Dokin Petrosian yana can gefe a a5, bai samu zama a d6 a kan lokaci ba. Spassky ya bar wani dakarensa na a2 aka ci, ya tura wannan d6 a tafiya ta 21, ya ƙara d7 a ta 22. Hasumiya ce ta tare shi a d8, a gidan ƙarshe. Daga d7 dakaren ya dafa wa farar hasumiya ta shiga c8, kuma a tafiya ta 30 Petrosian ya miƙa wuya. A nan turawa ita ce daidai, domin sarauniya da hasumiyoyin Spassky suna kewaye da dakaren, mai tarewa na ƙwarai kuwa yana nesa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka bari ya kai sahu na bakwai ya riga ya bushe.

Saura lokacin da kowa ke da nasa sakakken, kana tunanin ko ka yi tsere ko ka koma tarewa. A nan lissafi ake yi, ba zato ba. A ce baƙin dakare yana a4, saura masa taki uku ya kai a1. Zana murabba'i a zuciyarka daga a4 zuwa d4 zuwa d1 zuwa a1. In sarkinka yana e3 kuma kai ke da tafiya, ka shiga d2, ya tura a3, ka je c2, ya tura a2, ka tare shi a b2, ka kama shi. In shi ke da tafiya, murabba'in ya tsuke, ka makara da taki ɗaya, kada ka wahalar da sarkinka. Ƙirga naka dakaren kawai. Kuma ka duba yadda naɗin zai faɗo. In naka yana layin h, ka riga shi kai h8, sabuwar sarauniyarka tana kallon a1 ta doguwar hanyar kaikaice, in babu kowa a tsakani, tasa tana sauka ka cinye ta. Wanda ya naɗa tare da kai wa sarki hari ma ya samu taki ɗaya kyauta.

Yaron nan har yanzu yana zuwa zaurenmu da allonsa. Ran nan na tambaye shi wa ya koya masa komawa e8 sak. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ku ne, Malam, a shekarar farko." Na koyar da tarewa, na manta da ita ranar da dakaren ya zama nawa. Baba tela ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Yanzu duk sanda hannuna ya miƙa wajen sakakken dakare, sai in janye shi in ƙirga tukuna, don sarki in ya yi kuskure yakan dawo ya gyara, dakare kuwa inda ka ajiye shi nan ya tsaya.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.