Babur ɗin da yake gudu yana barin asusuna

A watan Janairun 2023 na yanke shawarar sayen babur. Aikin jarida a Kano aiki ne na zirga-zirga, kuma kuɗin Adaidaita Sahu yana cinye mini kusan kwata na albashi. Na yi cinikin wani Bajaj Boxer na hannu a kan naira dubu 360, na raba kuɗin gida goma sha biyu, ya kama dubu 30 duk wata, na sa Disamba ta zama wa'adi.

Dubu talatin ɗin ba ta taɓa kwana a asusun albashina ba. Ranar da albashi ya shigo nake tura ta wani asusu da ban karɓi katin cirar kuɗinsa ba, domin na san halina: abin da na bari sai ƙarshen wata, biki ko suna ne zai cinye shi. Ban shiga adashi ba, saboda idan kwasata ta faɗo a wata na uku, kuɗin ba su isa babur ba, kuma ba za su jira ni ba.

Kuskurena yana cikin lissafin farko. Na ɗauka farashi zai tsaya yana jirana. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Babur kuwa kayan waje ne, da dala ake shigo da shi ko sassansa, kuma idan sabo ya tashi, na hannu bin sa yake yi. Da na koma wurin dillalin a ƙarshen Yuni, irin wancan babur ya kai dubu 450. Ina da dubu 180 a ajiye, saura dubu 270 a wata shida, wato dubu 45 duk wata. Ban tsallake ko wata ɗaya ba, amma na koma baya.

Na kuma manta cewa babur ba ya hawa titi da kuɗin sayensa kaɗai. Akwai rajista da lamba, da inshora, da hular kwano, da la'adar dillali, ga juyen baƙin mai da duba birki kafin a amince da na hannu. Waɗannan sun ƙara kusan dubu 40.

Sai na sauya tsari. Duk farkon wata nakan tambayi farashi, in ɗora kashi goma cikin ɗari a kai, in cire abin da na tara, in raba ragowar da watannin da suka rage. Adadin da ya fito shi ne ajiyar wannan watan. A Oktoba ya haura dubu 60, fiye da abin da albashina zai ɗauka, sai na ɗage wa'adin zuwa Fabrairu. Na sayi babur ɗin a kan dubu 480, kuma ya girmi wanda na fara gani da shekara biyu.