Karen da bai haukace ba tukuna a idonmu

Mu da muka tashi a Tudun Wada ta Zariya mun san mahaukacin kare tun kafin mu taɓa ganinsa. A hirar tsakar gida aka zana mana shi: kumfa na zuba a baki, ido ja wur, yana sheƙa gudu samari na biye da gorori. Haka muke rubuta shi a labaranmu ma. Wannan hoton kuwa na kwanakin ƙarshe ne. Kafin kare ya kai nan, ƙwayar cutar ta riga ta sauko cikin yawunsa, wani lokaci kwanaki kaɗan kafin a ga wata alama, kuma yana nan kwance a zauren gida yara suna tsallake shi.

Abin da ke fara canjawa hali ne. Karen gadin da ba ya barin baƙo ya matso sai ya yi laushi, yana bin mutane yana lasarsu. Wanda ya saba wasa da yara sai ya koma ƙarƙashin mota ko lungu mai duhu, in an kira shi ya yi gurnani. Yana ƙin abincinsa, amma ya kama gwaguyar itace, dutse ko tsumma. Yana kai wa iska cafka kamar mai kamun ƙuda, haushinsa ya dushe ya zama wata murya da mutanen gida ba su sani ba. Mai kare ne kaɗai zai iya lura da wannan, domin shi ya san yadda karensa yake jiya.

Akwai kuma nau'in da ya fi yaudararmu, wanda kare ba ya faɗa ko kaɗan. Haɓarsa ta ƙasa ta saki, baki a buɗe, yawu na dalala saboda ya kasa haɗiya, daga baya ƙafafun baya su shanye. Duk wanda ya gan shi zai ce ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, mai tausayi kuma sai ya zura hannu ya ciro. Kada a zura. Gwajin da ake yi na ajiye masa ruwa a ga ko zai guje shi ma ba hujja ba ne, don tsoron ruwa alama ce da aka fi sani a jikin mutum. Kare mai cutar yana iya tsoma baki a kwano.

To, a ce ranar Alhamis bayan la'asar karen maƙwabta ya ciji yaro ɗan shekara bakwai a sha-raɓa, haƙori biyu suka huda fata. Aikin farko a gida yake, kafin a nemi mai mashin. A zaunar da yaron, a ɗauko sabulu ko wane iri ne, na wanka ko na wanki, wani yana tsiyaya ruwa da buta wani yana wanke raunin, har minti 15. A duba agogon waya, domin minti 15 da yaro na kuka yana da tsawo, kuma yawancinmu a minti biyu muke tsayawa. Ko jarkar 'yan ga-ruwa guda ta ƙare ba a yi ɓarna ba. Dalilin shi ne ƙwayar tana da wata riga mai maiƙo da sabulu ke wargazawa, ruwan kuma yana kore ragowar yawun. Bayan nan a zuba aidin ko sifirit in akwai. Kada a ɗaure raunin tamau, kada kuma mai kyamis ya yi gaggawar ɗinkewa.

Nan ne gidajenmu ke cika da masu ba da magani. Wannan ya ce a ƙona gashin karen a shafa tokar, wancan ya ce barkono, wata ta ce man zafi. Wani ma ya tuno hukuncin wanke kwanon da kare ya sha, ya ce a sa ƙasa. Wancan batun tsarki ne, malamai ke da shi, kuma kwano ba tsoka ba ce. Ƙasa a buɗaɗɗen rauni tana iya jawo ciwon sandarewar jiki a kan wanda ake gudu.

Daga wanki sai asibiti, a ranar. Ƙwayar ba ta bin jini, jijiya take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, wani lokaci mako guda kawai, wani lokaci shekara. Allurar rigakafi tana aiki ne a cikin wannan tazarar. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu wanda ke tashi. Shi ya sa warkewar rauni ba ta nufin komai, kuma cizo a fuska, wuya ko yatsu ya fi gaggawa. Muna da manyan asibitoci kusa, na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan da na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A faɗa wa likita ƙarara cewa kare ne, a kuma tambayi allurar haukan kare da sunanta, domin mutane da yawa suna karɓar ta tetanus su koma gida suna ganin an gama.

Jadawalin da aka daɗe ana bi allura biyar ne: rana ta 0, ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28. Ga yaronmu ke nan, ranar Alhamis ɗin, sai Lahadi, sai Alhamis mai zuwa, sai ta bayanta, sai ta ƙarshe bayan mako biyu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajerun jadawali, don haka in likita ya rubuta ƙasa da biyar, a bi nasa. A damtse ake yin ta, ko a cinya ga ƙananan yara, ba a ɗuwawu ba. Tunda haƙori ya huda fata, likita zai so ya ƙara da wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin da gefensa, wadda ke tare ƙwayar kafin jiki ya haɗa nasa makamin. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, amma rashinta ba dalili ba ne na fasa rigakafin. Mai juna biyu ma ana yi mata. In an ce a sayo a waje, a tabbata daga firji ta fito, a kuma ɗauko ta cikin ƙanƙara.

Saura karen. Mun saba kafin magariba an kashe shi an jefar a bola, da shi da amsar da muke nema. In ana iya kulle shi ba tare da wani ya kai hannu ba, a kulle, a riƙa tura masa abinci da ruwa daga nesa, a lura da shi kwana 10, wato zuwa Lahadi ta biyu. Karen da ke da ƙwayar a yawunsa ranar cizo ba ya kai wannan lokacin lafiya lau. Amma ba a jiran kwanakin kafin a fara allura. Tare suke tafiya, kuma likita ne zai ce a dakata in karen ya fita ƙalau. In ya mutu ko an kashe shi, kada a farfasa kan, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a kira asibitin dabbobi na jami'a a Samaru, domin a ƙwaƙwalwa ake gwajin. In kuwa na yawo ne ya ɓace, a ɗauka yana da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da cutar a shekara, kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaronmu in ya san dukan da zai sha don ya tsokani kare, sai ya ja wando ya rufe ƙafa ya yi shiru. Gara ya ji daga bakinmu tun yanzu cewa ko yakushi ne, ko lasa a kan ƙurji, ya zo ya faɗa, ba za a dake shi ba.