Takardar haya: abin da Hausa ta ce da abin da Turanci ya ce

Mun saba idan ɗan ƙungiya zai kama gida ko shago a nan Legas, sai ya sa a juya masa yarjejeniyar haya zuwa Hausa. Hakan ya yi, amma kada mu manta ta Turancin ake sa wa hannu, ita kuma alƙali zai duba. Shi ya sa ba ma barin fassara ta wuce sai mun gwada ta da asali.

Mutum biyu muke zama. Ɗaya ya riƙe Hausar yana mayar da ita Turanci da baki, ba tare da ya ga asalin ba, ɗayan yana bin asalin sakin layi bayan sakin layi. Inda suka saɓa, nan muke tsayawa.

A makon jiya mun duba ta wani ɗan uwa da zai kama ɗaki biyu a Agege, hayar shekara naira 600,000. Hausar ta yi daɗin karatu, wannan ma shi ne haɗarin. An rubuta cewa mai gida zai ba da notis ɗin wata 6 kafin ya tashe shi. Turancin wata 3 ya ce. Mai fassarar ba mugunta ya yi ba, abin da kowa ke faɗa ya rubuta. Gaskiya ne dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba mai hayar shekara wata 6, amma sai idan yarjejeniya ta yi shiru kan batun. Tunda an rubuta 3, to 3 ɗin ne. Da ya zauna yana ƙirga wata 6, sai dai ya ga takardar kwana 7 ta biyo baya, daga ita sai kotu, shi ko wani gidan bai fara nema ba.

Sai naira 50,000 da aka kira kuɗin kafin alƙalami. Kafin alƙalami cikin kuɗin ciniki ake lissafa shi, don haka ɗan uwan namu ya ɗauka saura 550,000 ne a kansa. A Turancin kuwa kuɗin ajiya ne daban, saboda ɓarna, wanda za a mayar masa ranar fita bayan an cire na gyara. Kenan 650,000 zai biya, kuma yana da abin karɓa idan ya bar gidan lafiya.

Mun gyara Hausar ta dace da Turancin, ko da ba ta yi masa daɗi ba. Wata ukun kuma mun ce ya koma wurin mai gida da lauyansa kafin ya sa hannu. Idan sun yarda da 6, a cikin ta Turancin za a canza, kowa ya sa hannu a gefen gyaran.