Dalar Da Ba Ta Gyaɗa Ba

Duk wanda ya ga hoton dalar gyaɗa ta Kano ya san buhu ɗaya ne a can ƙoli, dubbai kuwa suna ƙasa suna ɗauke da nauyinsa. Akwai wata sana'a mai irin wannan siffa da ake yi wa ɗalibai tallarta, wadda Turawa ke kira tsarin dala.

A ɗauki misalin ɗalibin da abokinsa ya gayyata taro. An ce ya biya Naira 50,000, a ba shi kwalin ganyen shayi, kuma duk mutumin da ya kawo za a ba shi 10,000, amma ana so ya kawo shida. Tambayar da ta kamace shi ita ce: daga aljihun wa ladan nan zai fito? Dillali a Kasuwar Kurmi yana samun la'adarsa ne idan mai bukatar kaya ya saya ya tafi da su. A nan kuwa ladan ɗalibin yanki ne na kuɗin rajistar sabon shiga. Wannan ita ce babbar alama, kuma da ita hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kama kamfanin Koscot a shekarar 1975, wato biyan lada domin kawo mutane, ba domin sayar wa masu amfani da kaya ba.

Alama ta biyu tana jikin kayan. Idan shayin ya ninka na kasuwa tsada, ba wanda ke sayensa sai 'yan ƙungiya, ana tilasta musu sayen wani kowane wata, kuma ba a karɓar wanda ya yi kwantai a mayar da kuɗi, to, ɗalibin nan ba ɗan kasuwa ba ne, shi ne kasuwar.

Lissafi kuma ba ya ƙarya. Mutum shida za su nemo 36, su kuma 216, sannan 1,296. A hawa na 11 ana bukatar mutum fiye da miliyan 362, adadin da ya zarce jama'ar Nijeriya baki ɗaya. A duk inda abin ya tsaya, kusan biyar cikin kowane mutum shida suna hawan ƙarshe, sun biya, ba su kawo kowa ba. Ba ragwanci ya jawo musu hasara ba, haka aka gina dalar.

Abin takaici shi ne, ɗalibin ba zai mayar da kuɗinsa ba sai ya shigar da mutum biyar, kuma ba baƙi zai tunkara ba, sai abokin ɗakinsa da ƙanwarsa da ɗan ajinsu. Ran da dala ta rushe, ƙofarsa za su buga, ba ta kamfani ba. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Saboda haka, kafin ya zura hannu a aljihu, sai ya tambayi mai gayyatarsa nawa ya samu a watan jiya daga sayar da shayi kaɗai.