Yaron da Ya Leƙo ta Bayan Ango

Ku matso kusa, tunda mu ya mu ne. Gardamar nan da kuke yi kullum kan wane kayan aiki ne ya fi iya goge abu a Photoshop, ni dai a ganina tana warwarewa idan an san yadda kowane ɗayansu yake yi da launi da haske. Clone Stamp kwafa yake yi sak, abin da ka ɗebo shi zai ajiye. Healing Brush, wanda ya zo a Photoshop 7.0 a 2002, yanayin fuskar wuri kawai yake ɗebowa, launi da haske kuma ya aro daga gefen inda kake shafawa. Content-Aware Fill kuwa, da ya zo da CS5 a 2010, yakan tsinto ƙananan guntaye daga sassan hoton ya ɗinke ramin da su.

Mu ɗauki hoton da kowannenmu ya taɓa karɓa. Ango cikin farar babbar riga, a gaban bango mai fenti biyu, sama ruwan madara, ƙasa ruwan ƙasa, ga wani yaro ya leƙo ta bayan kafaɗarsa, rabin jikinsa a ɓoye.

Ni da Content-Aware Fill nake farawa, don shi ne mai ɗaukar kaya mai nauyi. Ka zagaye yaron da Lasso, ka bar ɗan fili a gefensa, kada kuma ka manta da inuwarsa a bango. Sai ka shiga Edit > Content-Aware Fill. Wurin da ka ga ya yi kore, daga nan ne zai ɗebo abin cikewa, saboda haka ka share koren daga jikin ango gaba ɗaya. In ka bar shi, za ka tarar da guntun aikin wuyan riga manne a bango. A Output To ka zaɓi New Layer, don asalin hoton ya zauna lafiya. A kan sararin sama, yashi, ciyawa ko bango mai launi ɗaya, sau da yawa nan aikin yake ƙarewa.

Amma bangonmu yana da layi, kuma a nan Content-Aware Fill yake yawan tuntuɓe. Ku ƙara girman hoton ku duba inda fentin biyu suka haɗu, za ku ga layin ya karye ko ya ɗan hau sama. Kafaɗar rigar ma takan yi dishi-dishi.

Na ji ka, ƙanena, ka ce a sa Healing Brush a wurin. Don Allah kada ka yi. Da zarar burushin ya kusanci farar riga, sai ya jawo farin ya dama shi cikin bango, ka ga wani tabo kamar hayaƙi. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ke nan na haɗa launin gefe, shi ya sa bai jituwa da bakin abu inda haske da duhu suka yi iyaka.

Wannan wurin na Clone Stamp ne. Ka buɗe sabuwar leya, ka sa Sample a Current & Below. Ka danne Alt ka ɗebo daga kan layin fentin inda yake lafiya, daidai tsakiyar layin, sannan ka dubi samfurin da ke cikin burushin ka daidaita shi da inda layin ya karye kafin ka shafa. Ka bar Aligned a kunne don layin ya tafi a miƙe. Wajen kafaɗa kuwa, ka fara zana bakinta da Pen, ka mayar da zanen zaɓi ta ɓangaren bango. Daga nan duk shafar da ka yi ba za ta tsallaka kan riga ba. Wannan ɗan matakin shi nake roƙonku kada ku tsallake, ko mai hoto yana tsaye a kanku.

Clone Stamp ma yana da nasa aibin. In ka daɗe kana ɗebowa daga wuri ɗaya, ɗan tsagin bango guda zai bayyana sau uku a jere, ido kuma ba ya kuskuren ganin wannan. Haka in gefen taga ya fi haske ka ɗebo daga can, facin zai fito fili. Ka riƙa sauya wurin ɗiba, kuma ka ɗebo daga kusa.

Sai a ƙarshe Healing Brush ya shigo, ya bi bakin facin a tsakiyar bango ya sajar da shi. Ƙurajen fuska, ƙurar madubin kyamara a sararin sama, duk nasa ne, muddin yana nesa da bakin abu.

Kafin ku miƙa wa mai shi, ku kashe leyoyin gyaran ku sake kunnawa, ku dubi hoton a 100%, sannan ku rage shi zuwa girman allon waya. Maimaicin da ya ɓuya a babba, a ƙarami yake fitowa, kuma a waya dangin amarya za su kalle shi.