Saura Ƙiris Su Kwashe Kuɗin Makarantar Yarana

Jama'a, daren Juma'a saƙo ya shigo wayata da sunan bankina, wai za a rufe asusuna cikin awa 24 idan ban sabunta BVN ba. A ƙarƙashin alat ɗin albashina ya faɗo, layi ɗaya da saƙonnin da na saba gani. Kuɗin makarantar yara na ciki, ga banki a rufe sai Litinin. Wallahi har na danna, shafi ya buɗe da tambarin banki, na fara rubuta lambar katina. Sai da ya nemi PIN jikina ya yi sanyi, na koma na karanta linkin a tsanake.

Ba zan ambaci bankin ba, don ba laifinsu ba ne. Mu ɗauka adireshinsu na gaskiya bankina.com ne. Abin da aka turo min kamar haka yake:

```
https://bankina.com.bvn-update.xyz/login
```

Ido na fara karatu daga hagu, yana ganin sunan banki sai hankali ya kwanta. Nan tarkon yake. Ga yadda ake yi: ka tsallake https:// ka nemi sandar / ta farko bayansa, sannan ka karanto baya. Abin da ke manne da sandar, wato ƙarshen adireshin da sunan da ya gabace shi, shi ne mai gidan. A nan mai gidan bvn-update.xyz ne. Duk abin da ke hagunsa, wanda ya mallaki shafin ne ya rubuta yadda ya ga dama, kamar mutum ya kafa allon banki a ƙofar shagonsa. Da na gaskiya ne, bankina.com ne zai zo daf da sandar, ko da akwai wata kalma da ɗigo kafinsa, kamar login.bankina.com/

Ko sunan ya zo a wurinsa, ka bi shi harafi bayan harafi. Suna sa lamba 1 a madadin i ko l, ko su ƙara kalma: bankina-ng.com gida ne daban. Wannan https da alamar kwaɗo kuma ba shaida ba ce, ɓarawo ma yana samun su kyauta. Idan gajeren linki ne irin bit.ly, ba ka ganin mai gidan kwata-kwata, don haka ka bar shi.

Sunan mai turo saƙo ana iya ƙirƙirarsa, shi ya sa nawa ya shige cikin na gaskiya. Na kira lambar da ke bayan katina aka toshe shi, tunda na riga na rubuta rabin lambar. Ko kobo bai fita ba, Alhamdulillah.

Don Allah ku duba adireshin bankinku yau ku haddace shi, ku kuma nuna wa iyayenmu masu karɓar fansho. Allah Ya tsare mana guminmu.