Jikin Yaro Ma Yana da Zaure

A cikin birnin Zazzau, ginin gida kansa yana koyar da sutura. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ba ya wucewa ciki sai da izini. Da wannan misali nake bayyana wa 'yata mai shekara huɗu abin da 1 Korintiyawa 6:19 ke nufi da ta kira jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki.

Lokacin wanka nakan yi mata maganar, domin a nan zancen ba ya zama baƙo. Nakan faɗi sunan kowace gaɓa, kunne, ciki, gwiwa, har gaba da ɗuwawu, duk da murya ɗaya. Yarinyar da aka koya wa laƙabi kaɗai, ran da ta kawo ƙara ba za a gane ta ba.

Sa'an nan in ce: "Inda kamfai ya rufe naki ne. Ba mai taɓawa, ba mai dubawa, sai ni in ina miki wanka, ko likita ina tsaye. Ke ma ba za ki taɓa na wani ba."

Wata rana ta tambaya: "Mama, ko Kawu ne?"

Na ce: "Ko Kawu ne, ko malami, ko mai kanti da ya ba ki alawa. Ki ce ba na so, ki gudu, ki faɗa mini. Ba zan doke ki ba."

Wannan alkawari shi ne ginshiƙin koyarwar, gama mai ɓata yaro da asiri da tsoro yake aiki. Mu tuna da Tamar a 2 Sama'ila 13. Amnon, wanda suke uba ɗaya, shi ya ci mutuncinta. Absalom ya ce ta yi shiru. Dawuda ya husata ƙwarai, amma bai hukunta ɗansa ba. Ɓarnar daga cikin gida ta fito, shirun kuma bai warkar da kowa ba.

Yaro bai cika faɗa da baki ba. Yakan ƙi zuwa aike wani gida da ya saba zuwa, ko ya koma fitsarin kwance, ko ya yi kukan zafi wajen tsarki. In ya buɗe baki, a saurare shi da natsuwa, a ce masa ba laifinsa ba ne. Kada a yi masa wanka, a kai shi asibiti nan da nan, kamar na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, gama maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin sa'o'i 72 ake fara shi.

Ya Ubangiji Yesu, wanda ya rungumi yara ya sa musu albarka, ka ba mu harshe mai sauƙi da kunne mai ji. Amin.